Ƙarfe takwas, amma agogon wane gari?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo da sassafe ya san yadda masu gabatar da shirye-shiryen Hausa na tashoshin waje suke faɗin lokaci. Ba sa cewa ƙarfe bakwai su yi shiru. Sai sun ce ƙarfe bakwai agogon Najeriya da Nijar, wato ƙarfe shida agogon GMT da Ghana. Sun san mai sauraro a Kumasi da mai sauraro a Damagaram ba agogo ɗaya suke kallo ba, don haka ba sa barin lokaci ya fita tsirara, sai sun rataya masa sunan ƙasa.

Wannan ɗabi'a ce muke mantawa da ita idan muka zauna gaban kwamfuta ko waya za mu tsara rubutun da zai fita da kansa. Edita ya gama labari da daddare, ya sa masa ƙarfe takwas na safe, ya tafi ya kwanta. Mai sayar da atamfa ta shirya hoton sabon kaya ya fita bayan la'asar, lokacin da ta san mata suna riƙe da waya. Gari ya waye, labarin bai fito ba sai tara, hoton atamfa kuma ya fita tsakar dare, ba wanda ya gani sai masu gadi. Abin da ake fara cewa shi ne sabis ne ya yi rauni, ko manhajar ce ta haukace. Mafi yawan lokuta ba ko ɗaya. Na'urar ta yi daidai abin da aka ce ta yi. Ta ji ƙarfe takwas, ta ɗauka takwas ɗin wani gari ake nufi.

Na'ura ba ta ajiye "takwas na safe"

Kafin a fahimci kuskuren, sai an san abin da ke faruwa a daƙiƙar da aka danna maɓallin tsarawa. Kwamfutocin duniya sun yi ittifaƙi a kan agogo guda da ake kira UTC, wanda a aikin yau da kullum daidai yake da GMT ɗin da muka saba ji a rediyo. Asalinsa layin da ya ratsa Greenwich a birnin Landan, wanda taron ƙasashe a Washington ya amince da shi a 1884 a matsayin mafarin awo. Layin nan ya gangaro ta Tema a Ghana, shi ya sa agogon Ghana da GMT suke tafiya tare. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da awa ɗaya, ana rubuta shi UTC+1. Sudan tana gaba da awa biyu, Saudiyya da uku.

Idan ka rubuta ƙarfe takwas, manhajar ba ta riƙe shi yadda ka faɗa. Sai ta tambayi kanta, wannan mutumin a wace shiyyar lokaci yake, ta cire ko ta ƙara tazarar da ke tsakanin shiyyar da UTC, sannan ta ajiye sakamakon. Takwas na safe a Kano ya zama bakwai na UTC. Wannan bakwai ɗin shi ne alƙawarin da uwar garke za ta cika, wato babbar kwamfutar da ke can wata ƙasa tana riƙe da shafin. Ba ta san Kano ba, ba ta san safiya ba. Tana jira ne agogonta ya kai wancan lokacin, ta saki rubutun.

Ke nan fassara ake yi, kuma sau ɗaya ake yinta, a lokacin tsarawa. Idan mai fassarar ya ɗauka kana wani gari, alƙawarin da za a rubuta na wani gari ne. Abin da ya sa matsalar take da wuyar ganewa shi ne allon da ke gabanka zai ci gaba da nuna maka 8:00, domin da wannan gurguwar shiyyar yake sake fassara maka lokacin idan ka duba. Kuskuren ya shiga ta ƙofa ya fita ta ita, ido bai gan shi ba.

Sai tambaya ta gaba: daga ina manhajar take samun shiyyar? Nan ne ake shan wahala, domin ba wuri ɗaya ba ne. Wata manhajar tana bin abin da aka saita a cikin shafin ko asusun, ko daga ina ka shiga. Wata tana bin agogon wayar ko kwamfutar da ke hannunka. Wata kuma agogon uwar garke take bi. Gidan jarida guda yana iya aiki da duka ukun a rana ɗaya ba tare da kowa ya lura ba, kuma a gyara ɗaya a bar biyu a karkace.

Shafin da aka bari yadda ya zo

Mu ƙaddara wata ƙaramar jaridar intanet a Kano, da aka gina shafinta da WordPress, kamar yadda ake gina da yawa daga cikin irinsu. WordPress na cikin masu bin saitin shafi. Wurin yana ƙarƙashin `Settings`, sannan `General`, a layin `Timezone`, kuma sabon shafi na Turanci yakan zo ne a kan `UTC+0`. Wanda ya gina shafin hankalinsa na kan launi da tambari, bai leƙa layin ba. Muddin ana wallafa labari nan take, ba wanda zai koka, sai dai mai lura ya ga an rubuta wa labarin da ya fita ƙarfe goma cewa tara ya fita.

Ranar da edita ya fara tsara labarai, ranar asiri ke tonuwa. Ya sa 8:00. Shafin ya ɗauka takwas na UTC ake nufi, bai cire komai ba. Takwas na UTC kuwa tara ne a Kano. Labari ya makara da awa ɗaya cif, yau haka, gobe haka, rani da damina.

Abin da edita yakan yi, kuma ba na ganin laifinsa, shi ne ya koyi halin dokinsa. Idan yana son takwas sai ya sa bakwai. Dabarar tana aiki har ranar da za a ɗauki sabon ma'aikaci da ba a gaya wa sirrin ba, ko ranar da wani mai ido zai shiga saiti ya mayar da shi daidai. Daga ranar, bakwai ɗin edita ta zama bakwai ta gaske, labarai su koma fita da wuri, a sake neman wanda za a ɗora wa laifi.

Gyaran kansa bai fi minti ɗaya ba: a zaɓi `Lagos` a jerin garuruwan Afirka, a adana. Mutum zai nemi Kano ko Abuja ya rasa, kuma ba raini ba ne. Jerin ya samo asali ne daga wani kundin shiyyoyin lokaci da Arthur David Olson ya fara tattarawa, Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi, hukumar IANA kuma ta karɓi ajiyarsa a 2011. Ƙa'idarsa ita ce duk yankin da agogonsa ɗaya, a wakilta shi da gari guda, yawanci mafi yawan jama'a. Saboda haka `Africa/Lagos` na nufin Najeriya baki ɗaya, har Sakkwato da Maiduguri, duk da mai azumi ya san Maiduguri na riga Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa. Rana daban, agogon hukuma daban. Na Nijar zai ga `Niamey`, na Ghana `Accra`, na Sudan `Khartoum`.

Amma akwai tarko bayan gyaran, kuma shi ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. WordPress na ajiye wa kowane rubutu lokaci biyu: na gida a `post_date`, na UTC a `post_date_gmt`. Da na biyun yake yanke hukuncin ko lokacin fita ya yi. Canza shiyya ba ya komawa baya ya sake lissafa rubuce-rubucen da suka riga suka shiga layi. A ce jaridar tana da labarai goma sha biyu da aka tsara kafin gyara. Kowannensu yana nan da tsohon alƙawarinsa. Wanda aka sa wa 8:00 zai ci gaba da nuna 8:00 a allo, ya kuma fita ƙarfe tara kamar da. Edita ya ce gyaran bai yi ba, alhali ya yi, tsofaffin ne ba su ji labari ba. Dole a buɗe kowanne, a sake sa masa lokaci, a adana. Wanda yake da damar shiga uwar garke yana iya ganin lokutan biyu gefe da gefe:

```
wp post list --post_status=future --fields=ID,post_date,post_date_gmt
```

A shafin da ke bin agogon Najeriya, na UTC ya kamata ya kasance baya da awa ɗaya a kowane layi. Duk layin da lokutan biyu suka zo iri ɗaya, tsohon kaya ne da ke jiran a sake shi.

Ranar Sallah da agogon Turai

Kuskuren da ke sama mai sauƙi ne, domin ba ya canza fuska. Wanda ya fi shi wayo shi ne wanda yake kwanciya wata biyar lafiya lau, sannan ya tashi rana ɗaya.

Ƙasashenmu ba sa taɓa agogo duk shekara. Turai da Amurka suna taɓawa. Ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don su ci moriyar doguwar ranar bazara. Yawancin jihohin Amurka suna yin nasu a Lahadi ta biyu ta Maris, su dawo a Lahadin farko ta Nuwamba. Mai zama a Katsina zai ce ina ruwansa. Ruwansa yana cikin jerin da ya zaɓa ranar da aka saita masa kwamfuta.

A Windows, jerin shiyyoyin yana da layuka da dama da suka fara da awa ɗaya gaba. Akwai `(UTC+01:00) Amsterdam, Berlin, Bern, Rome, Stockholm, Vienna`, akwai kuma `(UTC+01:00) West Central Africa`, wanda shi ne namu. Mai saita kwamfuta cikin gaggawa ya ga lambar da yake nema a layin farko, ya danna. Idan a Disamba ne ko Janairu, agogo zai nuna daidai, domin a watannin sanyi Balin da Kano lokacinsu ɗaya.

Mu bi abin da zai faru da wannan kwamfutar a 2025. A shekarar, ƙaramar Sallah a Najeriya ta faɗo ranar Lahadi 30 ga Maris, kuma ita ce Lahadin ƙarshe ta watan, ranar da Turai ta tura agogonta. Daren Asabar, bayan sanarwar ganin wata, mai kula da shafukan sada zumunta na jaridarmu ya buɗe kwamfutarsa. Agogon da ke kusurwar allo daidai yake da na bango. Ya shiga wata manhaja mai bin agogon na'ura, ya tsara gaisuwar barka da Sallah ta fita ƙarfe bakwai na safe. Manhajar ba ta duba tazarar daren Asabar ba, ta duba tazarar ranar da aka nufa. Ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi a Balin, agogo ya riga ya tsallaka zuwa UTC+2. Ta cire biyu, ta ajiye biyar na UTC. Biyar na UTC shida ne a Kano. Gaisuwa ta fita ana dawowa daga sallar asuba, awa ɗaya kafin lokacinta.

A gaisuwar Sallah wannan ba wani abu ba ne. A ce sanarwa ce da aka yi yarjejeniyar ba za a fitar ba sai ƙarfe bakwai, ko tallan da aka biya kuɗinsa don wani lokaci ayyananne, magana ta canza.

Abin da ke biyo baya ya fi muni. Bayan Sallah mutumin ya buɗe kwamfuta ya ga agogonta ya yi gaba da awa ɗaya. Sai ya yi abin da kowa zai yi da agogon hannu, ya kashe saitin da ke daidaita lokaci da kansa, ya mayar da shi baya da hannu. Allo ya koma daidai, shiyya kuwa tana nan a Balin. Yanzu ba sauran wata alama a fili, amma duk abin da ya tsara zai riƙa fita da wuri da awa ɗaya har 26 ga Oktoba, ranar da Turai za ta dawo da agogonta, kwamfutar kuma ta ja nata baya, ya sake bin ta da hannu.

Landan kishiyar wannan ce. A watannin bazara agogon Birtaniya UTC+1 ne, daidai da namu. Wanda ya gina shafi a Yuni ya zaɓi `London`, don ya saba jin GMT da Landan tare, ba zai ga aibu ba sai ƙarshen Oktoba. Daga nan rubuce-rubuce su fara makara da awa ɗaya har Maris. Ga wanda kuma yake aiki da abokan hulɗa a Turai da Amurka a lokaci guda, akwai 'yan makonni da lissafin da ya haddace yake rushewa: a 2025 Amurka ta canza ranar 9 ga Maris, Turai sai 30, mako uku ke nan tazarar Niyok da Landan tana awa huɗu maimakon biyar da aka saba.

Agogon da aka gyara da hannu

Wannan gyaran hannu ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke haifar da kuskure mafi girma, irin na mai atamfa. Kwamfutoci da yawa da ke kasuwanninmu na hannu ne da aka shigo da su daga waje, ko kuma an sake ɗora musu Windows a shago ana danna "gaba, gaba" ba karatu. Sau da yawa sukan tsaya a kan agogon gaɓar yammacin Amurka, `Pacific Time (US & Canada)`, wanda yake baya da UTC da awa takwas a watannin sanyi, bakwai a na bazara. Mai shago ya ga agogo ya kauce, ya gyara lambobin da hannu, ya miƙa wa mai saye.

Ga lissafin. A Janairu, mai atamfa ta tsara hotonta ƙarfe biyar na yamma. Kwamfutar ta gaya wa manhajar cewa wannan biyar ɗin ta Kalifoniya ce. An ƙara takwas, ya zama ƙarfe ɗaya na dare a UTC, wato biyu na dare a Kano. Jinkirin awa tara. Da a Yuli ne, takwas zai zama. Uwar garke agogonta lafiya yake, ba ruwanta da abin da aka juya a allon wani shago.

Irin wannan kwamfutar tana da alamomi ga mai lura. Wasiƙar imel da ta shigo yanzu da hantsi sai a ga an rubuta mata ƙarfe ɗaya na dare. Gayyatar taro ta intanet tana nuna lokacin da bai yi kama da hankali ba. Kallon agogon kusurwa ba ya tabbatar da komai, sai an tambayi na'urar sunan shiyyarta. A Windows umarnin gajere ne:

```
tzutil /g
```

Amsar da ake so a Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi ita ce `W. Central Africa Standard Time`. Idan wani abu daban ya fito, a fara gyara shiyyar, sannan a kunna daidaita lokaci ta intanet, a bar agogon ya nemo kansa. A bi wannan jerin. Wanda ya gyara shiyya ya bar lambobin da aka juya da hannu zai ga agogo ya yi tsalle zuwa wani lokaci na daban, ya tsorata ya mayar da komai yadda yake.

Waya ba ta cika wannan ciwon ba, domin daga kamfanin layi take karɓar lokaci da shiyya. Nata ciwon na tafiya ne. Wakilin jarida da ya je aikin Hajji, wayarsa tana sauka Jidda ta koma UTC+3 ba tare da ta yi shawara da shi ba. Ya tsara rahoto ƙarfe takwas yana nufin na gida, manhaja mai bin agogon waya ta ɗauka na Makka ne, ya fita ƙarfe shida a Najeriya. Shi kuwa abokin aikinsa da ya shiga WordPress daga ɗaki ɗaya a Makka, nasa takwas ɗin na Najeriya ne, domin shafin saitinsa yake bi. Mutum biyu, otal ɗaya, lamba ɗaya, sakamako biyu, kuma babu na'urar da ta yi kuskure.

Gari ko lamba

Wurare da yawa suna ba da zaɓi biyu: sunan gari, ko tazara tsagwaronta kamar `UTC+1`. Ga shafin da ke Najeriya, a yau sakamakonsu ɗaya ne. Duk da haka ni gari nake zaɓa. Lamba ba ta san doka ba. Sunan gari yana ɗauke da tarihin agogon wurin da ƙa'idojin canza shi, kuma ana sabunta kundin duk lokacin da wata gwamnati ta sauya ra'ayi. Suna sauyawa kuwa. Sudan ta koma UTC+2 daga UTC+3 ranar 1 ga Nuwamba 2017. Maroko ta tsaya a UTC+1 a 2018, amma ta riƙa ja baya da awa ɗaya a watan Ramadan. Masar ta dawo da canjin agogon bazara a 2023 bayan ta yi shekaru da dainawa. Shafin da aka rubuta wa `UTC+3` a Khartoum kafin 2017 yana nan yana sakin rubutu da wuri har sai mutum ya shiga ya gyara, wanda aka sa wa sunan garin kuwa sabunta manhaja kawai yake buƙata. Sharaɗin ke nan: tsohuwar na'urar da aka daina sabuntawa tsohuwar doka take bi, ko da sunan gari aka zaɓa.

Akwai wani rami ƙarami da masu harkar uwar garke suke faɗawa. A cikin kundin akwai sunaye irin `Etc/GMT+1`, kuma alamarsu a juye take saboda wata tsohuwar ƙa'ida ta tsarin Unix. `Etc/GMT+1` na nufin baya da awa ɗaya, namu shi ne `Etc/GMT-1`. Wanda ya zaɓi na farko yana ganin ya dace, takwas ɗinsa goma za ta zama.

Ita uwar garke, yawanci a kan UTC ake barinta, kuma a ganina gara a bar ta haka. Sai dai duk aikin da aka jingina kai tsaye ga agogonta, kamar wasiƙar labarai da ake aikawa kowace safiya ta hanyar `cron`, da wannan agogon zai tafi. Layin da ya fara da `0 8 * * *` a irin wannan na'ura ƙarfe tara na Kano yake nufi. Mai son takwas sai ya rubuta bakwai, ya kuma bar bayani a gefen layin saboda wanda zai gaje shi.

Girman kuskuren yana faɗin sunan mai laifi

Likitan gargajiya yakan tambayi yaushe zazzaɓin ke zuwa kafin ya ba da magani. Haka nan ma. Kada a taɓa saiti sai an rubuta abu biyu na rubutu uku ko huɗu: lokacin da aka sa, da lokacin da ya fita a agogon bango. Tazarar ita za ta nuna hanya. Ga mai aiki da agogon Najeriya, jinkirin awa ɗaya da ba ya canzawa duk shekara yana nuna an bar wani wuri a kan UTC. Jinkirin awa ɗaya daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris kawai, Landan ce. Riga lokaci da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba, wani birnin tsakiyar Turai ne, kuma a Nijar da Kamaru da Chadi, inda ake saita na'ura da Faransanci, a fara zargin Faris. Jinkirin takwas ko tara, yammacin Amurka. Idan kuwa sha biyu ne cif, shiyya ba ta da laifi, an sa `PM` ne a wurin `AM`.

Kuskuren shiyya yana da hali guda da ake gane shi da shi: yana zuwa cif-cif, kuma yana maimaita kansa. Mintocin ba sa motsi. Abin da aka sa wa 8:15 zai fita 9:15, ba 9:02 ba. Akwai ƙasashe masu rabin awa, kamar Indiya da take UTC+5:30, kuma hakan ma alama ce: shafin da aka ba wani kamfani a can ya gina, aka bar shi a kan agogonsu, zai riƙa riga lokaci da awa huɗu da rabi.

Idan jinkirin yau minti bakwai ne, gobe arba'in, jibi babu, to a bar saitin lokaci ya huta, wata cuta ce daban da ake yawan rikita su. WordPress ba shi da mai gadi da ke zaune yana kallon agogo. Tsarinsa na `WP-Cron` yana farkawa ne idan wani ya buɗe shafin, sai ya duba ko akwai aikin da lokacinsa ya yi. Shafin da ba shi da baƙi da asuba zai iya barin labarin ƙarfe biyar yana jira har mai karatu na farko ya shigo, wani lokaci ma a tarar da rubutun an yi masa tambarin `Missed schedule`. Maganin wannan shi ne a sa agogon uwar garke ya riƙa ƙwanƙwasa shafin duk bayan 'yan mintoci. Canza Legas zuwa Yamai ba zai taɓa shi ba.

Bayan kowane gyara, gwajin da ya fi kowanne araha shi ne a tsara wani ɗan rubutu ya fita nan da minti goma, a ajiye waya a gefe, a zauna a jira. Idan ya fita a kan lokaci, wannan hanyar ta gyaru, a koma ta gaba: shafin daban, kowace manhajar sada zumunta daban, kwamfutar kowane ma'aikaci daban. Gwajin yana da iyaka guda. Yana faɗin gaskiyar yau ce kawai. Kwamfutar da ke kan Balin za ta ci jarrabawar a Janairu, shafin da ke kan Landan zai ci a Yuli, don haka bayan minti goman sun cika sai an koma an karanta sunan garin da ido.